Yadda Ake Rarrabe Tsagogin Duwatsu Uku daga Zanen Fili da Alƙiblar Matsi

Dutse yana iya tsagewa ɓangarorinsa biyu su tsaya inda suke, yana kuma iya tsagewa ɗaya ɓangaren ya goce wa ɗayan. Nau'i na biyun ne masana ilimin ƙasa da duwatsu suka fi sa wa ido, domin a kansa ake samun girgizar ƙasa, shi ke tare man fetur ko ya zurar da shi, shi ne kuma sau da yawa hanyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke bi a yankuna masu dutse mai tauri. Gocewar tana iya zama ta 'yan santimita, tana iya kai wa kilomita masu yawa. Ana raba irin wannan tsaga gida uku bisa ga inda gocewar ta nufa. Akwai tsagar sauka, wadda littattafan jami'a ke kira nomal, akwai tsagar hawa, wato ribas, sai kuma tsagar gefe, inda ɓangarorin ke wuce juna a kwance.

Rufi da daɓe

Yawancin tsagogi ba a tsaye cak suke ba, sun karkata. Saboda haka dole ɗaya ɓangaren dutsen ya kasance a saman tsagar, ɗayan a ƙarƙashinta. Mahaƙan ma'adinai na da, waɗanda ke bin tsaga suna haƙa rami a cikinta, su suka raɗa wa ɓangarorin suna. Wanda ke bisa kan mahaƙi shi ne ɓangaren rufi, wanda yake takawa shi ne ɓangaren daɓe. Duk rarrabewar ta rataya ne a kan gane waɗannan biyun, kuma a kan takarda abin ba shi da wuya. A ɗora alƙalami a kan layin tsagar, a ja shi sama kai tsaye: ɓangaren da ya shiga shi ne rufi.

Idan rufi ya sauka an samu tsagar sauka. Ƙasa a nan ta buɗe ne, ta ƙara faɗi. Irinta ce ta kafa kwarin da ya ratsa Gabashin Afirka daga Habasha zuwa Kenya da Tanzaniya, ita ce kuma ta yi yawa a ƙarƙashin Neja Dalta da kwarin Termit na gabashin Nijar, inda ake haƙo man Agadem. Idan rufi ya haye kan daɓe an samu tsagar hawa, ƙasa ta takure ke nan. Duwatsun Himalaya a kan irinta suke, kuma ita ce ta motsa a girgizar ƙasar Nepal ta watan Afrilun 2015. A tsagar gefe kuwa babu hawa babu sauka sosai. Mutum ya tsaya a gefe guda ya dubi ɗaya gefen: in ya ga ya matsa dama, tsagar ta dama ce, in hagu, ta hagu ce. Ko ya tsallaka ya juyo, amsar ba za ta sauya ba. Tsagar San Andreas ta Kalifoniya ta dama ce, kuma a girgizar 1906 ta raba shingaye da hanyoyi da tazarar da ta kai kusan mita 6 a wasu wurare. Tsagar Gabashin Anatoliya, wadda ta girgiza Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, ta hagu ce.

Abin da zane zai ɗauka

Wuraren da aka fi ganin tsaga su ne bakin hanyar da aka fasa tsauni, da wurin fasa dutse, da gaɓar kogi lokacin rani. Mai zane yakan ja da baya har ya ga bangon gaba ɗaya, ya fuskance shi sosai, ya rubuta alƙiblar kowane gefe na takardarsa, misali yamma a hagu, gabas a dama. Yakan kuma sa ma'auni, ko da tsawon guduma ne ko tsayin mutum. Zanen da ba shi da alƙibla da ma'auni, komai kyansa, ba ya amsa tambayar da aka zo da ita.

Sai a ja layin tsagar, sannan a nemi shimfiɗar shaida. Duwatsun da suka samu daga taruwar yashi da laka a jere suke hawa-hawa, kuma a cikinsu akan sami wata shimfiɗa da ba ta ɓuya, kamar siririn layin kwal ko baƙin dutsen laka tsakanin fararen duwatsun yashi. Ita ake nema a ɓangarorin biyu. A nan akan yi gaggawa a haɗa baƙin layi na hagu da baƙin layi na dama alhali ba ɗaya ba ne. Hanyar kauce wa haka ita ce duba maƙwabtan shimfiɗar: abin da ke samanta, abin da ke ƙarƙashinta, da kaurin kowanne. Sai jerin ya zo daidai a ɓangarorin biyu ake yarda.

Daga nan sai awo da kamfas mai ma'aunin karkata. Ana ɗaukar abu biyu a jikin tsagar. Na farko miƙewa, wato alƙiblar layin da ke kwance daidai a kan fuskar tsagar, ana ƙirga shi da digiri daga arewa. Na biyu gangare, wato yawan digirin da fuskar ta sunkuya daga kwance da kuma inda ta nufa. Tsagar da ta miƙe daga arewa zuwa kudu, ta gangara gabas da digiri 60, ana rubuta ta 000/60E a littafin fili. Dole a ɗora kamfas a kan dutsen kansa, domin kusurwar da ido ke gani a bango tana yaudara. In bangon hanya ya yanki tsagar a karkace, gangaren da ke bayyana ya fi na gaskiya kwanciya. Tsaga mai gangaren digiri 60, idan bangon ya kauce wa miƙewarta da digiri 20 kawai, za ta fito a zane kamar mai digiri 31. Wannan bambanci babba ne, kamar yadda za a gani idan an zo kan matsi.

Awo na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa, alhali ya fi sauran nauyi. Yayin da ɓangarorin ke gogar juna suna barin karce a fuskar tsagar, layuka siraru a jere, wani lokaci fuskar har tana sheƙi. Karcen nan shi ne sawun tafiyar. Ana auna kusurwar da ke tsakaninsa da layin miƙewa. In ta kusa digiri 90, karcen ya bi gangare, tafiyar hawa ce ko sauka. In ta kusa sifili, karcen a kwance yake, tafiyar gefe ce. In ta faɗa tsakani, kamar digiri 40 ko 50, tsagar ta haɗa biyu, sai a ba ta suna biyu, a ce ta sauka ce mai ja hagu. Karce dai yana nuna layin tafiya ne kawai, bai faɗi ko gaba aka yi ko baya ba. Don haka ake neman ƙarin shaida: shimfiɗu kan lanƙwashe dab da tsagar, bakinsu ya karkata zuwa inda ɗaya ɓangaren ya ja su. Akan kuma sami zaren ma'adinai fari da ya tsiro hawa-hawa a kan fuskar, kuma idan aka shafa, inda hannu ya fi zamewa sumul nan ne ɓangaren da ya rabu da wurin ya nufa. Wannan shafar ta fi inganci a kan zaren ma'adinai. A kan dutse tsura ƙananan fashe-fashe kan juya matakan, don haka ba a dogara da ita ita kaɗai.

Matsi uku

Dutsen da ke cikin ƙasa a matse yake ta kowace fuska, amma matsin ba daidai yake ba. Ana bayyana shi da alƙibla uku da ke gicciye da juna: babban matsi σ1, matsakaici σ2, da ƙarami σ3. Ko inda ake cewa ƙasa tana buɗewa, dutsen da ke zurfi ba janye shi ake yi ba, matsin gefe ne kawai ya gaza na sama. Nauyin duwatsu kaɗai yana ba da matsi na kimanin megafaskal 25 zuwa 27 a kowace kilomita ta zurfi.

A 1905 wani masanin duwatsu ɗan Sikotilan, Ernest Masson Anderson, ya lura da wani abu mai sauƙi. Iska da ruwa da ke kan doron ƙasa ba sa iya riƙe dutse su ja shi gefe, saboda haka kusa da doron ƙasa dole ɗaya daga cikin matsin nan uku ya kasance a tsaye, sauran biyun a kwance. Zaɓi uku ke nan, kuma kowanne na haifar da nau'in tsaga guda.

Abin da ya cika lissafin shi ne yadda dutse ke karyewa. Idan aka matse guntun dutse a ɗakin gwaji, ba ya karyewa a kan layin babban matsin, ba ya kuma karyewa a gicciye da shi. Yana karyewa ne a kan fuskar da ta kauce wa σ1 da kusan digiri 30. Ƙa'idar ita ce 45° − φ/2, inda φ ke nufin kusurwar gogayyar cikin dutse, wadda a yawancin duwatsu take wajen digiri 30. To idan σ1 ne a tsaye, tsagar za ta kauce wa tsaye da digiri 30, gangarenta ya zama 60, rufi ya zame ƙasa: tsagar sauka. Idan σ1 na kwance kuma σ3 ne a tsaye, hanyar da ta fi sauƙi ga dutsen ita ce sama, tsagar za ta kwanta da gangaren digiri 30, rufi ya hau: tsagar hawa. Idan σ1 da σ3 duka suna kwance, σ2 ne a tsaye, tsagar za ta tsaya cak, dutsen ya kuɓuce ta gefe.

Tsagogi kan zo bibbiyu, suna gicciye juna kamar harafin X. Wannan kyauta ce ga mai zane. Ƙaramar kusurwar da ke tsakaninsu, mai kusan digiri 60, σ1 ne ke raba ta biyu. Babbar kusurwar, mai kusan 120, σ3 ke raba ta. Layin da tsagogin biyu suka haɗu a kansa kuwa shi ne σ2. In an ga X ɗin a jikin bango yana tsaye dogo, tsagogin sauka ne. In yana kwance a baje, na hawa ne. In kuwa sai a kan shimfiɗaɗɗen dutse ko taswira ake ganinsa, na gefe ne, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Sharaɗin shi ne a tabbatar tsagogin biyu zamaninsu ɗaya, wato a wani wuri wannan ta yanke waccan, a wani wurin waccan ta yanke wannan.

Misali na farko

A ɗauka an fasa tsauni don hanya, bangon ya miƙe daga yamma zuwa gabas, mai zane yana fuskantar arewa. Shimfiɗun a kwance suke. Tsagar ta miƙe arewa zuwa kudu, ta gangara gabas da digiri 60. Ɓangaren gabas ke nan rufi. Layin kwal da ke yamma yana mita 5 daga ƙasan hanya, a gabas kuma yana mita 2. Karcen ya bi gangare.

Rufi ya sauka da mita 3, tsagar ta sauka ce. Tafiyar da dutsen ya yi a kan fuskar tsagar ta fi haka, domin a karkace ya bi: 3 ÷ sin 60°, wato kusan mita 3.5. Faɗin da ƙasa ta ƙara kuwa 3 ÷ tan 60° ne, kusan mita 1.7. Wanda ya haƙa rijiyar burtsatse a cikin wannan tazara ta mita 1.7 ba zai taɓa cin karo da kwal ɗin ba, ko da yake yana nan hagu da dama. Haka masu haƙar mai ke gane tsagar sauka ba tare da sun gan ta ba: wani sashe na jerin shimfiɗun yakan ɓace daga rijiyar. A tsagar hawa akasin haka ake samu, rijiya ta ratsa shimfiɗa guda sau biyu. Game da matsi, σ1 a tsaye yake, σ3 na kwance daga gabas zuwa yamma, inda ƙasar ta buɗe, σ2 kuma ya bi miƙewar tsagar. Shaida uku sun haɗu a nan, shimfiɗa da karce da gangare, babu mai musa wani.

Misali na biyu, inda zane ke ruɗi

A koma irin wannan bango, amma a ce shimfiɗun sun gangara arewa da digiri 30. Da yake bangon ya bi miƙewarsu, ido zai gan su kamar a kwance. Tsagar ta miƙe arewa zuwa kudu, gangarenta 80 zuwa gabas. Layin kwal na gabas ya fi na yamma tsayi da kusan mita 5.8. Wanda ya tsaya a kan zane kawai zai ce rufi ya hau, ya rubuta tsagar hawa, ya ƙara da cewa an matse yankin daga gabas da yamma.

Abu biyu ya kamata su tsayar da shi. Gangaren digiri 80 ya yi nisa da 30 da ake tsammani ga tsagar hawa. Sannan idan ya matsa kusa zai tarar karcen a kwance yake. Abin da ya faru shi ne ɓangaren gabas ya zame arewa da mita 10, bai ɗaga ko taƙi ɗaya ba. Da yake shimfiɗar ta fi tsayi ta kudu, zamewar ta kawo sashenta mai tsayi daidai inda bangon ya yanka, kuma 10 × tan 30° shi ne mita 5.8 ɗin da aka gani. Mai tsayuwa a yamma yana duban gabas zai ga ɗaya ɓangaren ya yi hagu, don haka tsagar gefe ce ta hagu. Matsin ma ya sauya gaba ɗaya: σ2 ne a tsaye, σ1 na kwance a kan digiri 330, wato ya kauce wa arewa zuwa yamma da digiri 30, σ3 kuma yana kan digiri 060. In akwai abokiyar gicciyenta, za a same ta a kan digiri 300, kuma ta dama ce.

Ruɗin yana aiki ta ɗaya fuskar ma. Tsagar da ta ɗaga ɓangare guda da mita 10, in shimfiɗun na da gangaren digiri 30 kuma zaizaya ta baje wurin, za ta bar layin kwal a taswira yana goce da kusan mita 17, kamar an ja shi gefe. Dalili kuwa shi ne zaizaya ta ci ɓangaren da ya ɗaga, bakin shimfiɗar ya ja zuwa inda take gangarawa. Saboda haka masana ke bambanta tazarar da ake gani a bango ko taswira da ainihin tafiyar dutsen. Shimfiɗa guda tazara kawai take bayarwa. Ana samun tafiyar ne daga karce, ko daga wani layi da tsagar ta yanke wanda za a iya gano bakinsa biyu, kamar inda jijiyar ma'adini ta ratsa wata shimfiɗa, ko tsohuwar hanyar rafi. A kan San Andreas akwai rafin Wallace, wanda tsagar ta karkatar da kusan mita 130 zuwa dama, kuma irin wannan shaida ba ta barin shakka. Mai zane mai kula yakan rubuta a littafinsa cewa tazarar ta hawa ce, ya bar yanke hukunci kan tafiyar har sai ya ga karce.

Da an tabbatar, sai a sa alamun da kowa ya sani. A taswira tsagar hawa tana ɗaukar ƙananan haƙora masu kusurwa uku a ɓangaren rufi, ta sauka tana ɗaukar gajerun layuka a ɓangaren da ya sauka, ta gefe kuma rabin kibiya biyu masu saɓa wa juna. A zanen bango, inda tafiyar gefe ke shiga takarda ko fitowa, ana sa da'ira mai ɗigo ga ɓangaren da ya nufo mai kallo, da'ira mai gicciye ga wanda ya yi nesa da shi.

Iyakar ƙa'idar

Lissafin Anderson ya shafi sabuwar tsaga ce a dutsen da ƙarfinsa ɗaya ne ta ko'ina. Dutsen da ya riga ya tsage kuwa ya fi son sake zamewa ta tsohon rauninsa, ko da kusurwar ba ta dace ba. Kwarin Binuwai, wanda ya miƙe kusan kilomita 1,000 daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabashin Nijeriya, ya nuna haka. Ya buɗe ne fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, da taimakon tsagogin gefe na hagu da tsagogin sauka. Wajen shekara miliyan 84 da suka wuce matsin ya juya, aka takure kwarin, duwatsun yankin Abakaliki suka lanƙwashe. A irin wannan yanayi tsohuwar tsagar sauka mai gangaren digiri 60 tana iya komawa ta hawa, a ga gangare na faɗin abu guda, tafiya na faɗin wani. Alamar da ake nema ita ce karce iri biyu a fuska ɗaya, kuma wanda ya yanke ɗan'uwansa shi ne na baya.

Akwai kuma tsagogin da ke lanƙwasa. Na Neja Dalta suna farawa da gangare mai tsayi a sama, suna kwanciya a hankali yayin da suke shiga dutsen laka mai laushi, har su kusa zama a kwance. Wanda ya ga gindin irin wannan tsaga kaɗai zai iya ɗaukar ta ta hawa, alhali ta sauka ce. Haka nan yanki yakan karkata gaba ɗaya bayan tsagewa, ya tafi da tsagar da shimfiɗun tare. A nan sai an mayar da shimfiɗun kwance a lissafi, an juya tsagar da karcenta daidai wannan kusurwar, kafin a nemi inda σ1 yake lokacin da dutsen ya karye. Matsin da aka samo ta wannan hanya na wancan zamanin ne. Na yau ana auna shi ne daga girgizar ƙasa da kuma yadda bangon rijiyoyi masu zurfi ke fashewa.